Wasiƙar neman aikin nazarin bayanai a banki: tambayoyin waɗanda suka gama digirin ƙididdiga

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin matasan Kabi da Zamfara da suka karanta ƙididdiga, a Birnin Kabi ne ko Gusau ko Aliero ko Ƙauran Namoda, kuma suke neman matakin farko na aikin nazarin bayanai a banki. Da Turanci ake rubuta wasiƙar, amma mun zayyana abin da za ta ƙunsa da Hausa domin tunanin ya zauna tukuna. Mun yi magana da "ka" don sauƙi, amma duk abin da aka faɗa ya shafi 'yan'uwa mata daidai wa daida.

1. Tunda zan haɗa da sibi, me kuma wasiƙar za ta ƙara?

Sibi, wato takardar tarihin karatu da aiki, jeri ne: makaranta kaza, shekara kaza, manhaja kaza. Duk 'yan ajinku kusan abu ɗaya za su jera, domin kwasa-kwasai ɗaya kuka yi a gaban malamai ɗaya. Aikin wasiƙar shi ne ta ɗauko abu guda daga cikin jerin nan ta buɗe shi, har mai karatu ya ga yadda kake aiki idan aka ajiye maka tarin lambobi marasa tsari aka ce ka fito da amsa. Gani ya kori ji. Wanda ya rubuta cewa ya ƙware a nazari ya faɗi ne kawai, wanda ya ba da labarin aiki ɗaya da lambobinsa ya nuna.

Saboda haka idan ka karanta wasiƙarka ka tarar sibin ne ka mayar jimloli, ba ka rubuta ta ba tukuna. Tambaya ta 5 ta nuna yadda ake ciro wannan abu guda.

2. Wane irin aiki ake ba ƙaramin mai nazari a banki, kuma a ina?

Yawancinsa ba irin lissafin da ka sha wahala a kansa a aji huɗu ba ne. Ana ciro bayanai daga rumbun banki, a tsabtace su, a daidaita abin da sashe ɗaya ya kawo da abin da wani ya kawo, sannan a fitar da rahoton mako ko na wata. Tambayoyin da ake amsawa su ne irin waɗannan: wane reshe ne ajiyarsa ta ragu a watan jiya, asusu nawa aka daina taɓawa, sau nawa tura kuɗi ta waya ya gaza kuma da ƙarfe nawa, nawa ne daga cikin rancen da aka bayar ya wuce lokacin biya. A ƙa'idar bankuna, rancen da ya wuce lokacin biya da kwana sama da 90 ba a biya ba ana lissafa shi cikin wanda ya maƙale, kuma Babban Bankin Najeriya yana son jimillar irinsa kada ta haura kashi 5 cikin 100 na dukkan rancen da banki ya bayar. Wanda ya san wannan, zai gane dalilin da ya sa ake matsa wa rahoton rance ido.

Wurin aikin kuwa galibi hedikwata ne. Mafi yawan manyan bankuna hedikwatarsu na Legas, wasu kamar Jaiz da TAJ suna Abuja. Reshen da ke Gusau ko Birnin Kabi ba kasafai yake da kujerar mai nazarin bayanai ba, kuma manajan reshe ba shi ke ɗauka ba. Wannan ya shafi wanda za ka rubuta wa wasiƙar da abin da za ka ce game da ƙaura, duba tambaya ta 11.

3. Yaya tsawonta da siffarta?

Shafi ɗaya, sakin layi uku ko huɗu, kalmomi tsakanin 250 da 350. A sama sunanka, gari, lambar waya, imel da kwanan wata, sai wanda aka rubuta wa kamar yadda sanarwar ta ambace shi, sai kanun wasiƙa mai ɗauke da sunan muƙamin harafi da harafi, har da lambar sanarwa idan akwai. Idan ka fara da `Dear Sir/Madam` ka rufe da `Yours faithfully`. Idan ka san sunan mutumin ka ambace shi, sai ka rufe da `Yours sincerely`.

4. Da me zan buɗe?

Jimla biyu ko uku da za su amsa abu uku: wane muƙami, a ina ka ga sanarwar, kai wane ne. A ma'ana, za ka ce kana neman muƙamin ƙaramin mai nazarin bayanai da aka sanar a shafin bankin ranar kaza, ka gama digiri a ƙididdiga a jami'a kaza da mataki kaza, ka kammala bautar ƙasa a wata kaza, kuma aikinka na kammala digiri a kan biyan rance ka yi shi. Shi ke nan. Jimlar ƙarshen nan ita ce ke jan mai karatu zuwa sakin layi na biyu.

Mun san tarbiyyarmu ta saba da gabatar da gaisuwa da ƙanƙan da kai kafin a shiga magana, kuma abu ne mai kyau a inda ya dace. Amma a nan, layi biyar na yabon bankin da cewa babu kamarsa a ƙasa, ko roƙon a taimaka maka don Allah saboda halin da ake ciki a gida, suna cinye wurin da hujjarka za ta zauna. Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, kuma abin da aka ɗora masa shi ne ya samo wanda zai iya aikin. Ladabin wasiƙar aiki shi ne a rubuta sunan mutum da muƙaminsa daidai, kuma kada a ɓata masa lokaci.

5. Ban taɓa aiki ba, furojek ɗina kawai gare ni. Yaya zan mayar da shi hujja?

Nan ne zuciyar wasiƙar, don haka bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Lambobin na misali ne, kai naka za ka sa. A ce ɗalibi ya yi furojek a kan wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Argungu da ke ba 'ya'yanta rancen taki da iri. Abin da yawanci ake rubutawa shi ne: na yi bincike a kan abubuwan da ke shafar biyan rance ta hanyar lojistik rigireshan, na samu sakamako mai ma'ana. Wannan taken furojek ne, ba ya gaya wa kowa abin da hannunka ya yi. A maimakonsa, amsa tambayoyi huɗu a jere: mece ce tambayar, yaya bayanan suke lokacin da ka same su, me ka yi musu, me ya fito da wani zai iya aiki da shi.

Ga yadda sakin layin zai kasance a ma'ana. Shugabannin ƙungiyar suna son sanin dalilin da ya sa wasu ba sa biya a kan lokaci. Na kwafe bayanan rance 420 daga littattafansu na hannu zuwa Excel, na gano 38 maimaici ne saboda an rubuta sunan mutum ɗaya ta hanya biyu ko uku, na tabbatar da su ta lambar waya da sunan ƙauye, suka rage 382. A cikinsu 88 ba su biya a kan lokaci ba, wato kashi 23 cikin 100. Da na raba su bisa lokacin da rancen ya isa hannunsu, sai na ga waɗanda suka karɓa bayan an riga an yi dashe, 48 cikin 120 ne suka makara, kashi 40 ke nan, alhali waɗanda suka karɓa da wuri 40 ne cikin 262, kimanin kashi 15. Na gwada da lojistik rigireshan a R, bambancin bai gushe ba ko bayan an yi la'akari da girman gona da yawan rancen. Na rubuta wa shugabannin taƙaitaccen bayani shafi ɗaya, da shawarar a riƙa raba kayan kafin lokacin dashe.

Dubi abin da wannan ya yi. Ya nuna ka san bayanai ba sa zuwa a tsabtace, kuma duk wanda ya taɓa aiki da sunayen mutanenmu ya san Muhammad ɗaya kan fito da rubutu huɗu, abin da bankuna ke fama da shi kullum wajen daidaita suna da BVN da NIN. Ya nuna ka fara da ƙidaya mai sauƙi kafin ka ɗauko babbar dabara. Ya kuma nuna ka iya mayar da sakamako zuwa maganar da mai yanke shawara zai fahimta. Sai ka ƙara jimla ɗaya da za ta haɗa shi da banki: irin wannan tambayar ce sashen rance ke yi a kan abokan hulɗarsa, kuma ita kake son ci gaba da amsawa da bayanai masu yawa. A Kabi wannan ba baƙon zance ba ne, tunda a nan aka ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance a Nuwamba 2015, kuma batun biyan rancen noma ya daɗe ana tattauna shi.

6. Waɗanne lambobi zan sa, waɗanne zan bari?

Sa lambobin da mutumin da bai karanta ƙididdiga ba zai gane: yawan bayanan, nawa ka cire da dalili, da kwatanci ɗaya bayyananne kamar kashi 40 da kashi 15 na tambaya ta 5. Mai tantancewa na farko galibi daga sashen kula da ma'aikata yake, shugaban masu nazari sai daga baya zai gani. Jerin ƙimar `p` da sunayen gwaje-gwaje biyar ba su taimaki na farko ba, na biyun kuma zai tambaye ka su da baki a intabiyu.

Akwai lamba ɗaya da ke kayar da mutane da yawa, ita ce cewa lissafina yana hasashe daidai kashi kaza cikin 100. Koma ga misalin manoman nan. Tunda kashi 77 suna biya a kan lokaci, wanda ya rufe ido ya ce kowa zai biya ya riga ya dace kashi 77 ba tare da ya yi lissafin komai ba. To idan ka rubuta da alfahari cewa naka ya dace kashi 79, mai nazarin da ya karanta zai gane nan take ba ka lura da wannan ba. Abin da banki ke son ji shi ne, cikin 88 da suka makara nawa lissafinka ya kamo, kuma masu biya nawa ya ɗora wa zargi a banza. Idan ka san waɗannan biyun, su za ka sa. Idan ba ka lissafa su ba, koma ka lissafa kafin ka rubuta, aikin yini ɗaya ne.

Haka kuma ka kiyaye kalmar "ya jawo". Bayanan sun nuna makarar rance tana tafiya tare da makarar biya, ba su tabbatar ita ce sanadi ba. Wataƙila ƙungiyar ce ke jinkirta wa waɗanda dama ba ta yarda da su ba. Rubuta abin da ka gani daidai gwargwadonsa, wannan taka-tsantsan ɗin shi kansa hujja ce cewa ka karanta ƙididdiga da gaske.

7. Sanarwar ta ce SQL da Power BI, ni kuwa SPSS da ɗan R muka yi. In rubuta na iya su?

Kada ka rubuta abin da ba za ka iya yi a gaban mutum ba, domin ana yawan ba da gwajin hannu kafin intabiyu ko a cikinta. Amma kada ka tsaya nan, giɓin ba shi da faɗi kamar yadda ake zato. Dalilin da ya sa banki ke neman SQL shi ne girman bayanai: shafin Excel ɗaya ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, babban banki kuwa yana iya wuce haka a hada-hadar rana guda. Wanda ya san ƙididdiga, idan ya zauna sosai na mako uku ko huɗu da SQLite, wanda kyauta ne kuma ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, zai iya `SELECT`, `WHERE`, `GROUP BY` da `JOIN`, kuma su ne kaso mafi girma na aikin yau da kullum. Power BI Desktop shi ma kyauta ne, sai dai a kwamfuta mai Windows yake aiki.

Ma'aunin da za ka gwada kanka da shi kafin ka ambaci SQL a wasiƙa shi ne, ka iya rubuta irin wannan ba tare da leƙe ba, ka kuma bayyana kowane layi:

```sql
SELECT branch,
       SUM(CASE WHEN days_past_due > 90 THEN balance ELSE 0 END) * 100.0
         / SUM(balance) AS npl_ratio
FROM loans
GROUP BY branch;
```

Yana fitar da kason rancen da ya maƙale a kowane reshe, kuma ka lura da kuɗin da ya rage ake aunawa, ba yawan mutane ba: babban rance ɗaya da ya maƙale ya fi ƙanana hamsin nauyi. A wasiƙar sai ka bambanta matakai da gaskiya. R da Excel ka yi cikakken aiki da su, SQL ka koya da kanka kuma ka sake gina bayanan furojek ɗinka a cikinsa, Power BI kana kan koyo. Wannan ya fi jera manhajoji takwas a ƙarƙashin "na ƙware".

8. Furojek ɗina ba shi da alaƙa da kuɗi ko kaɗan. Yaya ke nan?

Batun ba shi ne abin dubawa ba, siffar tambayar ce. Wanda ya yi hasashen yawan masu zazzaɓin cizon sauro wata-wata, ko ruwan sama na shekara ashirin, ya yi aiki da bayanan da ke hawa da sauka bisa yanayi, kuma haka buƙatar tsabar kuɗi take a reshe: tana tashi ƙarshen wata, da gab da Sallah, da lokacin kaka. Wanda ya yi lissafin layin jira a asibiti ya riga ya san matsalar layin kantar banki da na'urar cirar kuɗi. Ka faɗi wannan alaƙar da bakinka a jimla ɗaya, kada ka bar wa mai karatu ya gano ta.

Idan kuwa furojek ɗin takardar tambayoyi ce da aka raba wa mutum 100 aka fitar da kaso-kaso, ko kuma kai kanka ka san ba za ka iya kare shi ba, gina sabon ƙaramin aiki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa farashin kayan abinci da hauhawar farashi wata-wata, Babban Banki kuma yana wallafa alƙaluman canjin kuɗi da na rance, duka kyauta a shafukansu. Zaɓi tambaya ɗaya ƙarama, misali yadda hauhawar farashin abinci a Kabi da Zamfara ke bambanta da na ƙasa baki ɗaya cikin shekara uku, ka tsabtace, ka zana, ka rubuta abin da ka gani a shafi ɗaya, ka ɗora a GitHub, ka sa adireshin a wasiƙar. Sannan ka bi tambayoyi huɗun nan na amsa ta 5.

9. Na yi aiki da bayanai na gaske a wurin koyon aiki da wurin bautar ƙasa. Zan iya nuna su?

Ka ba da labarin aikin, amma kada ka fitar da bayanan. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk wanda ke riƙe da bayanan mutane, kuma sirrin abokin hulɗa shi ne abin da banki ya fi tsoron a yi wasa da shi. Wanda ya haɗa hoton rahoto mai ɗauke da sunaye da lambobin asusu don ya burge, ya nuna ne cewa gobe haka zai yi da nasu. Ka ce ka haɗa rijistar ɗalibai ko ta marasa lafiya kimanin kaza, ka rage lokacin haɗa rahoton wata daga kwana kaza zuwa kaza, ba tare da suna ko lambar kowa ba. Ko bayanan furojek, ka cire sunaye, lambobin waya da duk abin da zai sa a gane mutum kafin ka ɗora su a ko'ina, kuma ka nemi izinin waɗanda suka ba ka.

Ƙaramin aiki ma yana da daraja idan ka san abin da ka gyara. Misali, lambar asusu a Najeriya lamba 10 ce kuma da yawa suna farawa da sifili, Excel kuwa yana share sifilin farko idan ya ɗauke ta a matsayin adadi, sai lambar ta koma 9, `VLOOKUP` ya kasa samunta, jerin biyan albashi ya ƙi daidaita. Ɗan bautar ƙasar da ya gano wannan a ofishin kuɗi ya gyara ta hanyar shigo da lambobin a matsayin rubutu, yana da jimla mai kyau ta sakin layi na uku.

10. In ambaci matakin digiri, shekaru da bautar ƙasa?

Idan kana da mataki na ɗaya, ko babban mataki na biyu, wato maki 3.50 zuwa 4.49 a ma'aunin 5, ka sa shi a jimlar farko. Idan ƙaramin mataki na biyu ne, ya zauna a sibi, kada ka ɓoye shi kuma kada ka ɓata sakin layi wajen ba da uzuri. Karanta sanarwar da kyau: idan ta ce babban mataki na biyu ne mafi ƙaranci, shafin neman aikin kan tace tun kafin mutum ya ga wasiƙar, kuma babu iya rubutun da zai tsallake wannan. Masu babbar difloma daga kwalejin Waziri Umaru ko ta Ƙauran Namoda su ma su duba ko an ambaci tasu takardar.

Bautar ƙasa a faɗi matsayinta a fili: an gama a wata kaza, ko za a gama a wata kaza, ko akwai takardar yafewa. Shekaru ba a sa su a wasiƙa. Shirye-shiryen ɗaukar sababbin masu digiri sukan sa iyakar shekaru, kuma yajin aikin malaman jami'a, kamar na 2022 da ya ci wata takwas, ya tura da yawa bakin iyakar. Duk da haka kada ka taɓa ranar haihuwarka. Bankin zai gwada ta da ta BVN da NIN da takardun makaranta, kuma saɓani a nan yana iya raba mutum da aikin ko bayan an ɗauke shi. Muƙaman da aka sanar kai tsaye don nazarin bayanai, da ƙananan bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, sau da yawa sun fi sassauci a wannan.

11. Ina zaune a Gusau. Adireshina ba zai rage mini daraja ba?

Abin da ke damun mai ɗauka ba sunan garin ba ne, tambaya ce: idan an kira shi zai zo, idan an ɗauke shi zai zauna? Ka amsa ta kafin a yi. Jimla ɗaya a sakin layi na ƙarshe, cewa kana Gusau yanzu, a shirye kake ka koma Legas ko Abuja, kuma za ka iya fara aiki cikin mako kaza. Amma ka faɗe ta ne bayan ka gama magana da iyaye, ko maigida ga mai aure, kuma ka yi lissafin kuɗin haya. Kada ka ari adireshin wani ɗan'uwa a Legas ka sa kamar naka: ana iya kiranka gwaji gobe da safe, kai kuwa tafiyar yini da dare ce tsakaninka da wurin.

Zamanka a nan yana da abin da zai ƙara maka, in ka faɗe shi a matsayin ilimin aiki. Wanda ya san ranakun kasuwa, da lokacin da kuɗin shinkafa da albasa ke shigowa, da yadda katsewar layin waya ke tsayar da masu POS, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2021 lokacin da aka rufe layukan sadarwa, zai kalli faɗuwar hada-hada a jadawali ya san abin da zai fara tambaya. Jin Hausa kuma yana da amfani wajen karanta ƙorafin abokan hulɗa da binciken ra'ayinsu. Jimla ɗaya ta isa, kada ta zama roƙon a ba yankinku kaso.

12. Wasiƙa ɗaya za ta yi wa kowane banki, har da na Musulunci?

Sakin layin furojek zai iya zama kusan yadda yake, amma na farko da na uku sai an sake su kowane karo. Ɗauki abubuwa biyu ko uku da sanarwar ta fi nanatawa, ka amsa su da kalmomin da ita ta yi amfani da su. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar sunan bankin jiya a cikin wasiƙar yau, don haka ka bincika sunan da `Ctrl+F` kafin ka aika.

Ga bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, harshen ya bambanta. Ba sa ba da rance da ruwa. A murabaha bankin ne ke sayen kaya ya sayar wa abokin hulɗa da ribar da aka bayyana tun farko, a biya kashi-kashi, a ijara kuma haya ce. Tambayar wa zai biya a kan lokaci tana nan daram, don haka furojek ɗinka yana da amfani, amma wasiƙar da ke maganar ƙara kuɗin ruwa ta nuna ba a karanta komai a kansu ba. Ba kuma wurin wa'azi ba ne, hujjar iya aiki suke nema kamar kowa.

13. Yaya zan rufe, kuma ta yaya zan aika?

Jimla biyu: kana son a ba ka dama ka nuna aikin a intabiyu ko gwaji, kuma ka gode. Kada ka kawo maganar albashi sai an tambaya. Ka mayar da wasiƙar PDF, ka sa mata sunan da za a gane, kamar `Suna_CoverLetter_DataAnalyst.pdf`, sannan ka buɗe ta a waya ka tabbatar ba ta zube zuwa shafi na biyu ba. Idan a shagon kwamfuta aka buga maka, ka zauna a wurin ka karanta kowane layi, domin sukan ɗora sabuwa a kan tsohuwar wasiƙar wani. Imel ɗinka ya kasance sunanka ne, ba laƙabi ba. Ka aika kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, saboda wuta da layin intanet ba su da tabbas kuma shafukan kan cunkushe a ranar ƙarshe.

Banki ba ya karɓar kuɗin fom ko na gurbi. Duk sanarwar da ta zo ta WhatsApp, ka je shafin bankin da kanka ka tabbatar da ita, kuma kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko lambar da ake turowa ta waya da sunan tantancewa.

14. Na aika da yawa, shiru. Ta yaya zan gane inda matsalar take?

Duba a wane mataki kake tsayawa. Idan saƙon ƙi yana zuwa cikin awoyi kaɗan, yawanci sharuɗɗan tambaya ta 10 ne, maki ko shekaru ko bautar ƙasa, ba wasiƙar ba, sai ka sake irin muƙaman da kake nema. Idan ka cika sharuɗɗa amma ba a taɓa kiranka ba, wasiƙar da sibin ne abin zargi. Ba wani abokin da bai karanta ƙididdiga ba ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar, ka tambaye shi wane aiki ka yi kuma me ka gano. Idan ya kasa faɗa, sakin layi na biyu bai fito ba, koma tambaya ta 5.

Idan kuwa ana kiranka gwaji kana faɗuwa, wasiƙar ta yi aikinta, ko ma ta faɗi fiye da abin da hannunka ya iya. Ka rubuta tambayoyin da aka yi maka da zarar ka fito, ka ware waɗanda suka kayar da kai, na lissafin sauri ne ko na SQL ko na Excel, ka ba su mako biyu, sannan ka gyara jimlar manhajojin nan ta tambaya ta 7 ta dace da matakin da kake a yanzu.